Mayar da Motar Fetur Zuwa Gas: Tambayoyin da Ake Yi Mini a Gareji da Amsoshinsu

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, da wuya mako ya wuce ba a tare ni da maganar gas a garejinmu da ke Katsina ba. Direbobin haya ne suka fara, daga baya ma'aikata da 'yan kasuwa suka biyo sahu. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda. Kuɗin da za ku gani a lissafin da ke ƙasa na misali ne kawai, kowa ya cire nawa ya sa farashin da ya tarar ranar da yake karantawa.

Oga, gas ɗin nan da ake sa wa mota, shi ne wanda matanmu ke girki da shi?

A'a, kuma daga nan ne yawancin kuskure ke farawa. Gas iri biyu ne mota ke iya sha. Na farko shi ne wanda ake rubuta wa CNG, wanda gwamnatin tarayya ta kafa wa shiri na musamman a 2023. Iskar gas ce tsantsa da ake dannawa cikin tukunya da ƙarfin tsiya har matsinta ya kai 200 a ma'aunin matsi da ake kira ba. Don ka gane girman wannan lamba, iskar da mai faci ke sa maka a taya ba ta wuce ba biyu da ɗan kai ba. Na biyu shi ne LPG, wato gas ɗin girki. Shi ruwa ne a cikin tukunya, girgiza ta ka ji yana motsi, kuma matsinsa ko a zafin bazara yana wajen ba goma ne.

Saboda haka tukunyarsu daban, bututunsu daban, bakin da ake ɗura su ma daban. Tukunyar girki an yi ta da faranti ne aka haɗa da walda. Ta CNG mai ƙarfe kuwa ba ta da ɗinki ko ɗaya a jikinta, kuma kaurinta ya ninka na waccan. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a gidan gas a Benin ana tsakiyar ɗura mata, bincike ya nuna tukunyar haɗin walda ce, ba wadda aka ƙera don wannan matsin ba. Duk abin da zan faɗa nan gaba a kan CNG ne, sai inda na ambaci na girki.

To nawa zan riƙa ragewa? Gaskiya nake so, ba ta masu talla ba.

Bari mu zauna mu buga lissafi, don amsar ba ɗaya ba ce ga kowa.

Ba a sayar da wannan gas da lita. Ana auna shi da wani ma'auni da za ka gani a allon famfo an rubuta SCM, kuma cikin sa'a, awo ɗaya yana kai mota kusan nisan da litar fetur ɗaya ke kai ta. Tukunyar da aka fi sa wa ƙananan motoci ana ce mata mai lita 65. Kada sunan ya ruɗe ka. Lita 65 ɗin faɗin cikinta ne da ruwa za a zuba. Gas ɗin da take ɗauka idan ta cika awo 13 ne zuwa 15, wato kamar ka sha fetur lita goma sha uku. Na sha ganin fuskar mutum ta sauya a daidai wannan gaɓar, domin ya zo da tunanin zai cika tukunya ya yi mako bai leƙa gidan mai ba.

Ɗauki direban da ke jigila tsakanin Katsina da Daura da Golf mai dogon baya. Tafiyar kusan kilomita 80 ce, zuwa da dawowa 160. A ce motarsa na yin kilomita goma a lita ɗaya da fasinja da kaya, fetur kuma a ce naira 900, gas naira 400. Da fetur zalla, sawu ɗaya zuwa da dawowa zai ci lita 16, naira 14,400 ke nan. Idan ya cika tukunya a Katsina da awo 13, ya biya 5,200, za ta kai shi Daura ta juyo da shi, amma bayan kilomita 130 za ta ƙare, motar ta koma kan fetur da kanta. Ragowar kilomita 30 za su ci lita uku, 2,700. Jimla 7,900. Ya rage 6,500 a sawu guda. In yana yin sawu biyu a yini, 13,000 ke nan, a kwana 26 na aiki kuma 338,000. Ko da miliyan ɗaya ya kashe wajen juyin, cikin kusan wata uku kuɗinsa sun dawo.

Sai dai akwai abin da wannan lissafi bai faɗa ba. Tukunyar ta cinye wurin da yake ɗora buhun gero biyu ko kwalayen 'yan kasuwa, kuma kuɗin kaya wani lokaci ya fi na fasinja auki. Ga kuma layi: in ya ɓata awa guda kafin ya sha gas har ya rasa lodin yamma, ribar ranar ta tafi. Shi ya sa nake ce wa direba ya cire wani abu daga 13,000 ɗin nan kafin ya fara murna.

Yanzu ɗauki malamin makaranta da ke fita daga Ƙofar Ƙaura zuwa wurin aiki, ya biya kasuwa, ya dawo, kilomita 20 a yini. Lita biyu yake sha, 1,800. Da gas 800. Ya rage naira dubu ɗaya a rana, miliyan ɗinsa sai bayan kwana dubu, kusan shekara uku. Kuma ko dubun ba zai samu cikakkiya ba, domin mota da fetur take tashi, sai inji ya ɗumama take komawa gas. Mai gajeruwar tafiya, musamman da sanyin hunturu, kafin ta juya ya kusa isa. Irin wannan malamin nakan ce masa ya riƙe kuɗinsa, ya gyara filogi da iskar taya.

Ina zaune a Daura. Ya dace in juya?

Alhaji, kafin ka tambayi kuɗin juyi, tambayi kanka inda za ka riƙa sha. Ka auna nisan gidanka da famfon gas mafi kusa da agogon motarka. In famfon yana Katsina, ko kuma sai ka dangana da Kano, to zuwa shan gas da dawowa kaɗai zai cinye fiye da abin da tukunyar ke ɗauka. An yi ba a yi ba ke nan. Wanda gas ke wa rana shi ne wanda famfon ke kan hanyar da dama yake bi kullum.

Kuma kada ka tsaya a ganin allo. Babban bututun da ake shimfiɗowa daga Ajaokuta, mai tsawon kilomita 614, a Kano aka tsara zai tsaya. Inda bututu bai kai ba, a kan tirela gas ke zuwa, ranar da tirela ta makale a hanya famfo ya bushe. Ka je gidan gas ɗin sau uku ko huɗu a ranaku daban-daban, ka zauna wajen mai shayi ka tambayi 'yan Keke Napep da direbobin da ke sha a wurin: kwana nawa a wata ake rasa shi, minti nawa suke yi a layi, kuma allura tana kaiwa 200 ko a 160 ake sallamar su. Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci, don in matsin famfo ya yi rauni tukunyarka ba za ta cika ba, kilomita 130 ɗin nan su koma ɗari da 'yan kai.

Kowace mota ce ke karɓa?

Yawancin motocin fetur da ke kan titinmu suna karɓa. Wadda ba na taɓawa ita ce mai fesa fetur kai tsaye cikin silinda, irin waɗanda za ka ga an rubuta GDI, FSI ko TSI a murfin inji. Su fetur ɗin ne ke sanyaya bakin injekta, in ka yanke shi sai ta ƙone, kuma kayan da aka yi musu na musamman sun fi tsada nesa ba kusa ba. Dizal kuma wata magana ce daban.

Abin da ya fi sunan mota muhimmanci shi ne lafiyar injin. Gas ya fi fetur wuyar kamawa da tartsatsi, don haka filogi ko kwayil mai rauni da fetur ke rufa wa asiri, gas zai tona shi a rana ɗaya. Motar da ke shan baƙin mai, ko take zafi, ko take ɓarin wuta, a gyara ta tukuna.

Me ake ɗaura wa motar, kuma yaya zan gane aikin kirki?

Tukunya tana zama a but, bisa ƙafafun ƙarfe, an ɗaure ta da ɗamara biyu masu roba a ciki don kada ƙarfe ya goge ta. Ƙusoshin su ratsa jikin motar da faranti a ƙasa, ba a ɗaure su a siririn kwanon but kaɗai ba, domin tukunyar ƙarfe mai lita 65 ta kai nauyin babban mutum, kilo sittin da wani abu, kuma a ranar hatsari ba ka so ta iso kujerar baya. A bakinta akwai bawul mai abin kariya da ke sakin gas in wuta ta kama ko matsi ya wuce kima. Ana rufe bakin da wata riga mai tiyo da ke fita ƙarƙashin mota, ta yadda ko ya yi yoyo waje zai fita, ba cikin fasinja ba. Masu gaggawa sukan bar wannan tiyon, ni kuwa shi nake fara leƙawa.

Daga nan siririn bututun ƙarfe ya bi ƙasan mota, nesa da salansa, har gaban inji, inda regileta ke sauko da matsin daga 200 zuwa kusan biyu. Gas in ya saki haka sanyi yake yi ƙarara, shi ya sa ake jawo ruwan lagireto ya zagaya regiletar. Nan ne wata ɗabi'armu ke cizon mu. Makanikai da yawa a nan suna cire bawul ɗin da ke tsare ruwan inji har ya ɗumama, wai garinmu da zafi. Motar da aka yi wa haka, da asubar Janairu za ta daɗe ba ta juya zuwa gas ba, kana ta ƙona fetur. Haka mai zuba ruwan rijiya a lagireto, tsatsa da gishiri za su toshe 'yan hanyoyin cikin regileta, mota ta riƙa mutuwa da ka taka wuta.

Wajen shigar da gas cikin inji hanya biyu ce. Tsohuwar, mai araha, wani zobe ne ake sa wa a hanyar iska yana zuƙar gas. Ta dace da mota mai kafireta. In aka sa ta a motar zamani, duk ranar da filogi ya yi kuskure gas ɗin da ya taru zai buga baya, ya fasa akwatin matatar iska, wani lokaci har da maƙogwaron inji in na roba ne. Sabuwar hanya kowane silinda da injektarsa ta gas, da ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke bin umarnin ƙwaƙwalwar motar. Mota mai injekta wannan za a sa mata. Kuma ba a gama aiki sai mai haɗin ya jona kwamfuta, an hau titi da shi yana saiti mota na tafiya. Wanda ya saita ta a tsaye cikin gareji ya miƙa maka makulli, rabin aiki ya yi.

An ce gas yana cinye inji.

Yana iya cin bawul, ba injin gaba ɗaya ba, kuma akasari laifin saiti ne. Fetur jiƙaƙƙe ne, yana ɗan sanyaya bawul. Gas busasshe ne. In aka matse shi da yawa don a burge mai mota da tsimi, wuta takan yi zafi fiye da kima, mazaunin bawul ya riƙa lotsewa a hankali. Alamunsa: mota na rawa a tsaye da safe, ƙarfi na raguwa, fitilar inji ta kama, in an jona na'ura ta nuna `P0171` ko `P0300`. Maganinsa saiti mai kyau, da duba tazarar bawul duk bayan kilomita dubu ashirin zuwa talatin a injin da ake saita wa da hannu, kamar yawancin Honda. Baƙin mai kuwa zai daɗe bai yi duhu ba, amma kada hakan ya sa ka wuce lokacin juye.

Ƙarfinta zai ragu?

Zai ragu da kamar kashi goma zuwa sha biyar cikin ɗari. A cikin gari ba za ka ji ba. Za ka ji in ka cika ta da mutane, ka kunna na'urar sanyi, kana son wuce tirela. Danna maɓalli ka koma fetur, in ka wuce ka dawo.

Maigida, ni tsoron fashewa nake yi. Da yara nake yawo, ga zafin Katsina.

Hajiya, tsoronki a kan hanya yake, amma ba rana ce abin tsoro ba. Tukunyar gaskiya ana gwada ta a ba 300 kafin ta bar masana'anta, zafin Afrilu ba ya kai ta ko kusa da nan. Wannan gas kuma ya fi iska sauƙi, in ya fita sama yake yi, saɓanin na girki da ke kwanciya a ƙasa yana jiran ashana. Abin tsoro shi ne tukunyar bogi, da wadda wa'adinta ya cika, da wadda aka yi wa walda ko ta taɓa shiga gobara. Lokacin ɗuri a kashe mota kowa ya fito, har jariri. Kada ki dogara da hanci kaɗai wajen gane yoyo, ki sa a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa lokaci-lokaci, inda ya yi kumfa nan ne.

Abin da zafi ke yi shi ne rage miki awo. Gas mai ɗumi yana kumbura, allura ta kai 200 da wuri alhali tukunya ba ta ƙoshi ba. Shan safe ko na dare ya fi na azahar auki.

Na ga wadda aka riga aka juya a wajen dillalai. In saya, ko in sayi ta fetur in juya da kaina?

In kuɗin sun yi kusa da juna, ni na fi son ka sayi ta fetur mai lafiya ka juya a gabanka, don ka san tukunyar da aka sa maka da wanda za ka koma wa. Amma ta hannu tana iya zama garaɓasa, tunda kayan gas ba su cika ɗaga farashin mota daidai da abin da aka kashe musu ba. Sharaɗin dai ka san abin da kake kallo.

Fara da gane wane gas ne. Motocin Kwatano da suka yi zama a Turai, da yawansu masu gas na girki suke sha. Za ka gane su da tanki mai siffar taya da ke kwance a ramin safaya. Akwai kuma wasu na Koriya, tsofaffin tasi, da aka ƙera su ba sa shan komai sai shi, ko tankin fetur ba su da shi. Irin waɗannan ba za su sha a famfon CNG ba har abada, kuma duk wanda ya ce zai yi maka dabarar baki don su sha, guje shi.

In ta CNG ce, ɗaga kafet ka haska wuyan tukunyar da tocila. A nan ake buga tarihinta a jikin ƙarfe: lambarta, wata da shekarar da aka ƙera ta, matsin aiki, nauyi, da ƙa'idar da ta bi, ISO 11439 ko R110. Yawanci za ka ga an rubuta ranar da za a daina amfani da ita, shekara 15 zuwa 20 daga ƙira. Lambar nan ta zo daidai da ta takardar shaidar juyi. Wani bawan Allah ya taɓa kawo mini wata Corolla da ya saya yana ta murna, tukunya baƙa wul tana sheƙi. Na kai yatsa wuyanta sai na ji wani wuri sumul kamar bayan cokali, an goge rubutun da injin gurza an fesa fenti. Da muka kwance ɗamarar, tsatsa ta ci ƙarƙashinta har tana ɓarewa a farce. Sabuwar tukunya ya saya, garaɓasar ta koma tsada.

Sannan ka je da sassafe, kafin dillali ya ɗumama ta. Ta tashi da fetur ba gardama, ta juya zuwa gas cikin 'yan mintuna ba tare da shaƙewa ba. Tuƙa ta a kan kowanne, har ka fita bayan gari ka taka ta sosai. Wadda ke tafiya lafiya da gas amma tana tari da fetur, mai ita ya bar tanki a bushe ne har famfon mai ko injekta suka lalace. Ka zo da makanikinka ya jona na'ura, ya kuma auna matsin kowane silinda, domin nan ne bawul da ya fara lotsewa ke bayyana, in ɗaya ya faɗi ƙasa da 'yan'uwansa sosai. Leƙa bayanta ka ga ko ta zauna, sifirin da shokozoba sun gaji da nauyi.

Tambaya ta ƙarshe ga mai sayarwa ita ce sunan kamfanin ƙwaƙwalwar gas ɗin, da wanda ke da igiya da manhajar saita ta a kusa. Kowane kamfani da tasa. In babu mai iya buɗe ta a Katsina ko Kano, ranar da ta rikice sai dai a cire ta a sa wata. Ka kuma tambaye shi dalilin sayarwa, ka kalli fuskarsa. Wani ya sayar ne don an yi masa canjin wurin aiki zuwa garin da babu famfo, wannan ba laifin mota ba ne.

Bayan na juya, in daina sayen fetur?

A'a. Bar aƙalla kwatan tanki kullum, don famfon mai yana cikin tankin kuma fetur ne ke sanyaya shi. Ka riƙa yi mata tafiyar 'yan kilomitoci da fetur duk mako, kada ya tsufa ya yi danƙo a injekta. Matatar gas a canja ta wajen kilomita dubu goma zuwa sha biyar, in kana yawan bin hanyoyin kasuwannin ƙauye masu ƙura ka haɗa da matatar iska. Tukunya kuma a kai ta wurin masu izini su duba ta duk bayan shekara uku, ko nan take in an daki motar ta baya.

Akwai wata takarda da zan riƙe?

Shaidar juyi mai ɗauke da lambar tukunya da lambar motarka, da rasit, da takardar garanti. Ka sanar da kamfanin inshorarka cewa an yi wa motar canji. Ajiye kwafi a aljihun gaban mota, asalin kuma a gida, don gidan gas na iya neman gani kafin su ɗura maka, wanda zai saye ta a hannunka gobe ma ita zai fara tambaya.